Yadda ake auna wa maigida abincin dare da sikeli bayan likita ya ce ya rage ƙiba

Idan likita ya ce maigida ya rage nauyi, abu na farko da uwargida ke yi shi ne ta rage masa tuwo da ido. Daga malmala biyu ya koma ɗaya da rabi, a yi wata guda a haka, ya hau sikeli a asibiti a ga bai motsa ba. Dalilin shi ne malmala ba ta da girma ɗaya, kuma miyar da ke gefenta ba a taɓa ta ba. Awon da ke aiki daga tukunya yake farawa: a san abin da ya shiga cikinta, a san nauyinta bayan ta dahu, sannan a ɗebi rabonsa.

Za mu bi misalin gida ɗaya a Jos. Maigidan yana da shekara 48, tsawonsa santimita 172, nauyinsa kilo 96, jininsa ya fara hawa. Yini yake a zaune a shago. Mutum takwas ake dafa wa a gidan, kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa. Alƙaluman da ke ƙasa na wannan misalin ne, na gidanki ke za ki fitar da su da irin wannan lissafin.

Ki fara da adadin da likita ya bayar

"Ya rage ci" ba adadi ba ne. Ya kamata maigida ya tambayi likita ko mai ba da shawarar abinci a asibiti abu biyu: kilo nawa ake so ya rage, kuma kalori nawa zai ci a yini, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Yawanci akan fara ne da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin mutum, don ko wannan kaɗai yakan taimaka wa hawan jini da suga. Ga mai kilo 96, wannan kilo 5 zuwa 10 ke nan cikin watanni, ana sauka rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. A misalinmu an ba shi kalori 1,900 a yini, uwargida ta ware wa dare kusan 700, tunda nan ne babban cinsa.

Akwai tambaya ta uku da ba a tsallake ta. Idan yana allurar insulin ko yana shan maganin suga irin su glibenclamide, rage tuwo ba tare da an gyara maganin ba yana iya faɗar da sugansa cikin dare. Alamar ita ce zufa, rawar jiki, bugun zuciya, jiri ko ruɗewa. Irin wannan mutum sai likita ya duba maganinsa kafin a taɓa abincinsa, kuma a ajiye suga ko lemo mai zaƙi kusa da shi. Mai ciwon ƙoda ma nasa tsarin daban ne, musamman wajen nama da ganye.

Sikelin

Sikelin madafi mai batir ake nema, wanda ke nuna giram ɗai-ɗai kuma yake ɗaukar kilo 5. Ana samu wurin masu kayan kicin da kayan kek a wajajen kasuwar Terminus a Jos. Sikelin mahauta mai allura ba zai yi ba, don ba ya bambance giram 40 na mai da giram 70.

Ki ɗora shi a wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe, ba kan tabarma ko tire ba. Ki tabbata `g` ne a rubuce a fuskarsa, don wasu suna komawa `oz` idan yaro ya latsa. Maɓallin da za ki fi amfani da shi shi ne `TARE`, wasu sikelin `ZERO` suke rubutawa. Ki ɗora kwano babu komai, ki latsa, lambar ta koma sifili, duk abin da kika zuba bayan nan nauyin abincin ne kawai. Don ki gwada gaskiyarsa, ki zuba ruwa rabin lita a kwano. Ya kamata ya nuna giram 500 ko kusa da haka. Idan lamba tana ta rawa ko tana sauyawa kan abu ɗaya, yawanci batir ne ya yi sanyi. Kada ki ɗora tukunya mai zafi kai tsaye, ki sa faifai ko katako a ƙasa, ki latsa `TARE` bayan kin sa shi.

Rana ɗaya ki auna tukwanen miyarki da kular tuwo babu komai a ciki, ki rubuta nauyinsu a takarda, ki manna a bangon madafi. Za ki ji daɗin wannan daga baya.

Kwana uku na farko, kada ki rage komai

Ki zuba masa kamar yadda kika saba, ki auna kafin a kai masa, ki auna abin da ya dawo. A gidan misalinmu abin da aka samu shi ne tuwon masara malmala biyu, kowacce kusan giram 300, miyar taushe giram 300, soyayyen nama mai kitse giram 130, da lemon kwalba ɗaya. Da aka yi lissafi daga baya, abincin daren nan ya kusa kalori 1,500. Uwargidan ta ɗauka tuwon ne kaɗai matsalar, alhali bai kai rabin lissafin ba.

Tuwo: ki auna gari, ba malmala kawai ba

Wannan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Busasshen hatsi kusan duk ɗaya ne wajen kalori. Garin masara, dawa, gero, shinkafa, alkama, semo da acca duk suna tsakanin 340 zuwa 370 a kowane giram 100. Ki riƙe 360 a matsayin lissafinki. Ruwa ba shi da kalori ko ɗaya, amma shi ke ba tuwo nauyi. Saboda haka giram 250 na tuwo mai tauri ya fi giram 250 na mai laushi yawan gari.

Ga yadda ake yi. Kafin ki yi talge, ki auna duk garin da zai shiga tukunya, na talge da na tuƙi. A ce giram 800 ne. Ki ninka da 3.6, ya ba ki kalori 2,880 a tukunyar gaba ɗaya. Ki tuƙa kamar yadda kika saba. Idan ya turara, ki ɗora kula a sikeli, ki latsa `TARE`, ki riƙa kwashewa kina sawa a ciki har ya ƙare. A ce ya ba ki giram 2,600. Ki raba 2,880 da 2,600, ki samu 1.1. Ma'ana kowane giram 100 na tuwonki yana da kalori 110. Rabon maigida giram 250, kalori 275 ke nan. Tsofaffin malmalarsa biyu kuwa 660 ne. Ƙanzon da ya maƙale a gindin tukunya bai kai ya ɓata lissafi ba, ki ƙyale shi.

Yanzu ki duba abin da ruwa ke yi. Ranar da tuwon ya yi tauri, garin nan giram 800 ya ba da giram 2,200 kawai, rabonsa na giram 250 ya zama kusan kalori 330. Ranar da ya yi laushi ya kai giram 3,200, rabon nan ya sauka zuwa 225, kuma wannan ce ranar da zai tashi neman biredi kafin ya kwanta. Maganin abin shi ne ki tsayar da ma'aunin ruwa da na gari. Idan da kofi ɗaya kike auna ruwan kullum, kuma garin bai sauya ba, lissafin sau ɗaya ya isa, sai dai ki sake shi idan kin canza hatsi ko mai tuƙi. Idan 'yarki ce ke tuƙi wasu ranaku, ki auna nata daban, hannu ba ɗaya ba ne.

Malmalarsa ki fara kwashe ta. Ki shimfiɗa leda a kan faranti a sikeli, ki sa tuwo da mara har ya kai 250, ki ƙulle. Mutane da yawa sun fi jin sun ƙoshi idan an raba ta gida biyu, ƙanana biyu masu giram 125, don ido ya saba ganin biyu.

Ga sauran abinci, ma'aunin da ya yi daidai da wannan malmala shi ne busasshen hatsi giram 75. Idan kina dafa masa acca ko shinkafa shi kaɗai, ki auna giram 75 kafin wanki, shi ke nan. Daga tukunyar gida kuwa, dafaffiyar farar shinkafa giram 200, taliya giram 170, dafaffiyar doya giram 220, dafaffen dankalin turawa giram 300. Mutanen Jos sun yi sa'a da dankali, don a cikin waɗannan duka shi ya fi cika faranti a kalori ɗaya, muddin dafa shi aka yi. Da zarar an soya shi ya sha mai, lissafin ya ninka fiye da sau biyu. Game da acca kuma, ana yawan cewa mai ƙiba ko mai suga ya ci iya cinsa. Hatsi ce kamar sauran, ita ma aunawa ake yi. Abin da ke sa gwate ya yi sauƙi shi ne yawan ruwa da ganye da yalo da ke cikinsa, ba wai accar ba ta da kalori ba.

Miya: mai da gyaɗa

Mai yana da kalori kusan 900 a giram 100. Manja, man gyaɗa, man shanu da aka soya, man zaitun mai tsada, kusan duk haka suke. Babban cokali ɗaya kusan giram 14 ne, wato kalori 120 da ɗoriya. Gyaɗa da agushi suna wajen 570 zuwa 600. Kuka, kuɓewa, karkashi, alayyafo, zogale, kabewa da kayan miya kuwa ba su da wani nauyi a lissafi. Don haka a miya abu uku kawai za ki sa wa ido: mai, gyaɗa ko agushi, da nama.

Hanya mafi sauƙi ta auna mai ita ce ki ɗora kwalbar man a sikeli, ki latsa `TARE`, ki zuba a tukunya, ki mayar da kwalbar. Lambar da ta fito da alamar ragi ita ce abin da kika zuba. Ba sai kin ɓata wani kwano ba.

A tsohuwar miyar taushen gidan nan, manja giram 150 ne, kalori 1,350. Niƙaƙƙiyar gyaɗa giram 150, kalori 850. Kabewa, alayyafo da kayan miya duka kusan 330. Jimilla 2,530. Bayan an tsame nama an cire nauyin tukunya, miyar giram 2,300 ce, wato kalori 110 a giram 100, daidai da tuwon kanta. Rabonsa na giram 300 ya zama 330.

A sabuwar miyar an sa manja giram 60 da gyaɗa giram 100, kabewa ta riƙe kaurin. Jimilla ta dawo 1,440 a nauyi ɗaya, wato kusan 63 a giram 100. Rabonsa giram 250 ya zama kusan kalori 160. Kwanon miyarsa bai ragu sosai ba, amma lissafinsa ya faɗi da rabi. Idan aka yanke mai lokaci ɗaya yara za su yi magana, don haka ki sauko a hankali, daga 150 zuwa 100 a makon farko, sannan 60. Daddawa, albasa, citta da tafarnuwa su ke riƙe ɗanɗano. Kada ki cike gurbin mai da gishiri da magi, musamman ga mai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma na cikin magi yana cikin lissafin.

Akwai kuskuren da ke ɓata wannan aikin duka. Mai sama yake tasowa, kuma al'ada ce maigida a fara ɗiba masa daga sama, inda miyar ta fi kyan gani. Ludayin farko na iya kwashe man da ya kamata ya zagaya mutum uku. Ki juya miyar sosai har ƙasa kafin ki ɗiba. Idan miyar dage-dage ce wadda mai ke kwanciya a kanta, ki yaɗe man gefe, ki ɗebo masa daga ƙasa.

Nama kuma ki auna shi bayan ya dahu, babu ƙashi. Ɗanyen nama yana rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsa a wuta, don haka ɗanye giram 125 shi ke ba da dafaffe giram 90. Tsoka marar kitse giram 90 kusan kalori 200 ce. Ki yanke kitse tun yana ɗanye, ki cire fatar kaza, ki bar sake soya nama bayan an tafasa. Kada ki rage naman ƙasa da haka don neman saurin sakamako. Nama, kifi, ƙwai da wake su ne ke riƙe ciki, kuma su ke taimakawa kada tsokar jikinsa ta zube tare da kitsen.

Haɗa farantin

Tuwo giram 250, kalori 275. Miya giram 250, kalori 160. Nama giram 90, kalori 200. Sai ganye giram 150, kabeji da karas da kokwamba, ko koren wake da aka sulala, kusan kalori 50. Duka 685. Ruwa ya maye gurbin lemon kwalba, wanda shi kaɗai yana kai wa 150. Kayan lambu a kasuwar Farin Gada ta Jos ba abin wahala ba ne, amma salak ɗin da aka lafta wa bama, ko kwaɗon da ya sha mai da ƙuli, ya fita daga wannan lissafin. Lemon tsami, albasa da ɗan yaji sun wadatar, in ƙuli ne cokali ɗaya.

Kada ki faɗo daga giram 600 na tuwo zuwa 250 a dare ɗaya. Makon farko 450, na biyu 350, na uku 250. A fara kai masa ganyen da ruwa, tuwo ya biyo baya. Kuma kula ta zauna a madafi. In dai tana gabansa, ƙari zai shiga.

Abincin da ake haɗawa a tukunya ɗaya, kamar dafa-duka, faten dankali ko gwate, hanyar tuwon nan ake bi. Ki auna shinkafar ko accar a bushe, ki auna mai, ki haɗa kalorinsu, ki auna abin da ya dahu, ki raba. Dafa-dukan shinkafa giram 1,000 da mai giram 120 ta haura kalori 4,600 kafin a sa nama. Idan ta ba da giram 3,100, kowane giram 100 kusan 150 ne. Tunda a nan babu miya daban, rabon tuwo da miya a haɗe, kalori 435, ya ba shi kusan giram 290.

Inda abin ke lalacewa

Awo a madafi ake yin sa. Namiji ba ya son a ɗora masa tuwo a sikeli gaban 'ya'yansa ko baƙinsa. Kuma sai ya yarda tun farko, don wanda ake auna wa abinci a ɓoye zai cike gurbin a waje. Magana kaɗan ta isa: "Alhaji, ga abin da likita ya ce. Zan riƙa auna na dare, kai kuma ka faɗa min abin da ka ci a kasuwa, don kada mu yi aikin banza." Idan ya ce bai ƙoshi ba, kada a yi gardama, a ƙara ganye da miya marar mai, ko ƙwai dafaffe ɗaya, wanda bai wuce kalori 80 ba.

Idan yana ci da almajiransa, 'yan'uwa ko abokai a tire ɗaya, awo ya tashi. A ba shi kwanonsa daban, a ce umarnin likita ne, babu mai ganin laifi. A gidan da ke da mata biyu, dole kowacce ta san adadin, in ba haka ba kwana biyu ana ragewa, kwana biyu ana mayarwa. A rubuta ma'aunin a takarda, maigida da kansa ya ba kowacce. Haka mahaifiyarsa, idan ta ga ya fara faɗawa za ta tambaya, kuma daga bakinsa ya kamata ta ji bayanin.

Sai shayi. Lokacin hunturu a Jos, mutum yana iya shan kofi biyu bayan isha'i. Ƙaramin cokalin suga kalori 16 ne, uku a kofi da madara mai yawa, ga biredi yanka uku a gefe, an ƙara wa dare 300 zuwa 400 ba a sani ba. Ki bar masa shayinsa, ki rage suga zuwa cokali ɗaya, ki cire biredin. Tsire da balangun hanya ma haka, idan ya ci ya faɗa, ki cire naman farantinsa a daren.

Yadda za ki gane ko yana aiki

Ya hau sikelin mutane sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe bayan ya zagaya kuma kafin ya karya, a kan siminti ko tayil. Nauyi na iya hawa da sauka da kilo ɗaya tsakanin jiya da yau saboda ruwa da gishiri, don haka mako huɗu ake dubawa a jere. Makon farko yakan sauka da sauri, yawancinsa ruwa ne, kada a zaci haka za a ci gaba. Ki sa tef ɗin tela ki auna cikinsa daidai cibiya duk bayan mako biyu. Wani lokaci sikeli ya tsaya amma wando ya fara sakewa.

Idan mako huɗu sun wuce babu motsi ko kaɗan, kada ki ƙara yanke tuwo tukuna. Ki sake auna man da kike zubawa, don hannu yakan koma tsohon halinsa a hankali. Ki tambayi abincin rana da abin sha a shago, nan ne aka fi samun ɓarakar. Idan ya riga ya rage kilo 5 ko 6 sannan ya tsaya, wannan abu ne da aka saba gani, jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da. A nan tafiya ta minti 30 a yawancin ranakun mako, ko rage tuwo zuwa giram 200, yakan sake motsa shi, amma a yi da sanin likita.

Idan kuwa yana zubewa fiye da kilo ɗaya a mako har makonni, ko yana yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe tsaye, ya koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba. Jirin nan ga mai shan maganin hawan jini na iya nufin maganin ya yi masa yawa yanzu da nauyi ya sauka, kuma likita ne zai rage shi, ba a gida ba. Ya tafi da takardar awon nan, mai ɗauke da nauyinsa na kowane mako da giram ɗin abincin darensa.